Daga Bakin Rumfa: Kafin ka huda bangon mai gida



Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, duk wanda ke kwana a ɗakin haya a Nima, ko Madina, ko zangon Kumasi, ya san yadda dare ke kasancewa. Fanka na juyawa amma iskar zafi take turo maka, yara na kuka, uwargida na fifita da kwali. Ga kuma dumso, yau akwai wuta gobe babu. A irin wannan lokaci ne wanda Allah ya buɗa masa kaɗan yake cewa bari ya sa esi, wato iyakwandishan, ko ya ɗora sola a kan rufi. Kuɗinsa ne, ba wanda zai hana shi saye. Sai dai bangon da za a huda ba nasa ba ne, kwanon da za a hau ba nasa ba ne, sau da yawa ma mitar da za ta ɗauki nauyin ba tasa ba ce shi kaɗai. Maganar da za mu yi yau ke nan: yadda ake neman izinin mai gida, da yadda ake rarrabe wa zai biya me, da abin da zai zauna a gidan ran da ka ɗaure kayanka.

Zan gina maganar a kan gidajen haya na Gana, amma na kusa da ƙarshe akwai abin da ya shafi masu shago a ƙasashen sefa.

Me ya sa sai an tambaya?

Wani zai ce, ai na biya adibas na shekara biyu, ɗakin nawa ne har wa'adi ya cika. Gaskiya ne, zama naka ne, amma ginin ba naka ba ne. Yawancin takardun haya na ɗauke da sharaɗin cewa ɗan haya ba zai canja komai a jikin gini ba sai da yardar mai gida. Kuma akwai tsohuwar ƙa'ida da ƙasashe irin su Gana da Najeriya suka gada daga shari'ar Ingila, cewa abin da aka kafe a jikin gini ana iya lissafa shi cikin ginin. Ƙa'idar ta bar wa ɗan haya ƙofa ya cire kayan da ya sa don sana'arsa ko jin daɗinsa, muddin ya cire kafin hayarsa ta ƙare, ya kuma gyara ɓarnar da cirewar ta yi. To amma wane kaya ne ya zama na gini, wanne ne bai zama ba? Nan ake yin rigimar. Esin da ke rataye da ƙusa huɗu kowa ya san naka ne. Wayar da aka binne cikin bango aka shafe da siminti fa? Ƙarfen da aka ɗaure a katakon rufi fa? In ba a yi magana tun farko ba, ranar tashi kowa zai faɗi son ransa, kuma a ranar kai ne mai sauri, mota na jira a waje, shi kuwa mai gida ba inda za shi.

Kafin ka buɗe baki, ka tabbatar da wa za ka yi maganar. Da yawa daga gidajen zango mai gidan ba ya ciki. Akwai wakili mai karɓar kuɗi, ko babban ɗa, ko kuma gidan gado ne na mutum goma. Wakili zai iya ce maka "ba komai, ka sa", amma ba shi da ikon ba da bangon da ba nasa ba. Ka nemi wanda sunansa ke kan takardar hayarka ko rasidinka. In gidan dangi ne, ka nemi shugaban dangin da kowa ya yarda da shi. In mai gidan na ƙasar waje, wakili ya kira shi a gabanka, sannan yardar ta zo a rubuce, ko da ta saƙon waya ce.

Abin da mai gida ke tsoro

Mai gida ba ya ƙin ka sha sanyi. Abu huɗu yake tsoro: ramin bango, ruwan da ke ɗiga, gobara, da surutun sauran 'yan haya a kan kuɗin wuta. In ka je masa da amsar waɗannan huɗun a hannu, rabin aikin ya ƙare.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan'uwanmu mai sayar da atamfa yana zaune a ciki da falo a Madina, gidan haya mai iyali shida, mita ɗaya ta kati ta kamfanin ECG. Ya biya shekara biyu, saura wata 14. Yana so ya sa esi mai doki ɗaya da rabi, irin mai kashi biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne don lissafi ya fito, kai sai ka sa farashin da aka ba ka a kasuwa.

Na farko, ramin. Rami ɗaya ne ake hudawa, faɗinsa kamar santimita 6 zuwa 7, inda bututun tagulla biyu da waya da tiyon ruwa za su bi. Dole ya ɗan karkata ƙasa ta wajen waje, in ba haka ba ruwa zai riƙa komowa ɗaki. Sai ƙananan ramuka na ƙarfen da ke riƙe injin waje da na farantin da ke riƙe na ciki. Ka faɗa wa mai gida adadinsu, ka nuna masa wurin da yatsa. Ka ce da injin huda za a yi, ba da guduma da kurfi ba, domin bulo mai rami in an sa masa guduma yakan fashe fiye da yadda ake so. Kuma a kauce wa ginshiƙi da bim na kankare, ba a huda su.

Na biyu, ruwan. A gari mai laima irin Akra, esi na iya tara ruwa bokiti guda a dare ɗaya. In an bar tiyon yana zuba a jikin bango, cikin 'yan watanni fenti zai kumbura, bango ya yi kore, ƙasan wurin ya riƙa santsi. In ƙofar maƙwabciya ce a ƙasa, to ka sayi faɗa da kuɗinka. A ja tiyon har kwata ko cikin mazubi. Haka injin waje: yana fitar da iska mai zafi da ƙara, kada a sa shi yana kallon tagar wani.

Na uku, wutar. Esi mai doki ɗaya da rabi na jan wajen wat 1,100 zuwa 1,200, wato kusan amfiya 5 a wutarmu ta bolt 230, kuma tsohon samfuri yakan ja fiye da haka nesa a daidai lokacin da yake tashi. Ba a jona shi a soket ɗin da talabijin da firji suke. Ana ja masa layinsa daban tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin milimita 2.5, da birekarsa, da makunninsa. Alamar an yi ha'inci ita ce soket ya riƙa ɗumi, ko ka ji ƙaurin roba, ko fitilun gida su riƙa dusashewa duk lokacin da injin ya tashi. A Gana, tun dokar aikin wayar wuta ta 2011, Hukumar Makamashi ce ke ba masu aikin waya lasisi. Ka nemi mai katin, ka nuna wa mai gida. Wannan kaɗai yakan kwantar da hankalin dattijo, don shi gobara yake gani a ransa, ba sanyi ba.

Rigimar mita

Na huɗun shi ya fi raba zumunci, don haka bari in ba shi fili. Esi irin wannan, in ya yi awa takwas a dare yana tashi yana hutawa, zai ci kamar yunit 6. A wata yunit 180 ke nan. A ce kafin zuwansa gidan gaba ɗaya na cin yunit 420, ana sayen katin sidi 840, kowane iyali na ba da 140. Da esi ya shigo, gida ya koma yunit 600, katin ya koma sidi 1,320. In aka ci gaba da rabawa shida, kowa zai ba da 220. Ka ga tsohuwar da ke da ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya an ɗora mata sidi 80 na sanyin da ba ta sha ba. Ba za a yi wata biyu ba za a kai ƙararka.

Maganin shi ne ƙaramar mita a kan layin esin shi kaɗai, a wurin da kowa zai iya karantawa, ba cikin ɗakinka ba. Ranar ɗaya ga wata a karanta a gaban wakili, a rubuta a littafi. Amma akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Kuɗin wutar gida hawa-hawa ne: in cin mita ya haura wani mataki, farashin yunit na ƙaruwa. Shi ya sa a misalinmu yunit 420 suka ci sidi 840, wato 2 kowane, amma ƙarin 180 kacal suka jawo sidi 480. In mai esi ya ce zai biya yunit ɗinsa a kan sidi 2, zai ba da 360, ragowar 120 ta faɗa kan kowa. Adalci shi ne ya ɗauki duk abin da ya ƙaru, 480, a kan kasonsa na da. Ka faɗi wannan da bakinka kafin a tambaye ka. Mai gida in ya ji ɗan haya ya kawo lissafin da ya fi yi masa tsada da kansa, yakan saki jiki.

Wanda ya fi duka shi ne ka samu mitarka daban daga kamfani. Sai dai ka sani, mita ana kafa ta ne a gida, ba ta bin ka in ka tashi. Saboda haka in kai za ka biya kuɗin nemanta, ka sa ta cikin abin da za a yi lissafi da mai gida.

Yadda ake shigar da maganar

Kada ka kawo kwali tsakar gida sannan ka je neman izini. Mai gida in ya ga kaya sun riga sun iso, abin da zai ji shi ne an raina shi, kuma daga nan ko abu mai sauƙi sai ya yi wuya. Kada kuma ka tare shi ranar da ake rigimar ruwa ko shara. Ka je takanas, ka gaisa, ka tafi da mutum ɗaya da yake ganin girmansa. Ga yadda maganar kan tafi in dattijon zango ne:

"Baba Alhaji, wata shawara ce ta kawo ni. Zafin nan ya dami yara, ina so in sa esi a ɗaki, amma na ce ba zan taɓa bango ba sai na ji daga bakinka."

"To, ka kyauta. Amma ka san wayar gidan nan ta tsufa, ga mutane kuma da mita."

"Na yi tunanin haka, Baba. Layi daban za a ja masa, mai lasisi ne zai yi, zan kawo shi ku gana. Zan sa ƙaramar mita a waje, duk abin da ya ƙaru a kati ni zan biya. Rami ɗaya ne a bangon baya, ran da zan tashi zan toshe in yi fenti."

"In ka tashi kuma kayan fa?"

"Injin nawa ne, da shi zan tafi. Wayar da bireka da makunni su zauna, gida ya amfana. In ka yarda, mu sa a takarda saboda yau da gobe."

Ka lura, shi ne ya tambayi makomar kaya, kuma amsa na nan a shirye. In mai gidan ba Bahaushe ba ne, tsarin ɗaya ne, sai dai takardar a rubuta ta da Turanci, a samu wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita kalma bayan kalma kafin ka sa hannu.

Kashi uku

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kasa komai kashi uku: abin da zai tafi, abin da zai zauna, da abin da za a gyara.

A misalinmu, a ce injin sidi 5,500 ne. Bututun tagulla da ƙarfen rataya da ladan mai haɗawa 900. Layin wuta da bireka da makunni da ladan mai waya 800. Ƙaramar mita 300. Jimla 7,500. Abin da zai tafi: injin ciki da na waje, rimot, bututu, da ƙarfen rataya. Abin da zai zauna: layi da mita, na sidi 1,100. Cire waya daga bango ɓarna ce, kuɗin gyaran ya fi kuɗin wayar, kuma ɗakin da ke da layin esi ya fi saurin samun ɗan haya. Wannan ita ce hujjarka ta neman mai gida ya ɗauki wani abu. Ka nemi rabi, 550, a cire daga kuɗin haya in ka zo sabuntawa. In ya ce ba shi da hali, ka nemi musaya: ka bar masa layin kyauta, shi kuma ya yafe maka toshe ramin, a rufe shi da murfi kawai, tunda mai shigowa bayanka wataƙila ramin zai nema. In duka biyun ya ƙi, ka auna da kanka: wata 14 na barci mai daɗi sun kai sidi 1,100 ko ba su kai ba?

Abin da za a gyara kuwa, a faɗe shi dalla-dalla: toshe rami da siminti ciki da waje, cike ramukan ƙusa, fentin bangon da aka taɓa. Ka rubuta "bangon da aka taɓa", kada ka bari a rubuta "a mayar da ɗaki yadda yake", don da wannan jimlar ake sa mutum fentin gida sukutum. Sannan ranar cirewa ka kira mai gyaran esi ya fara mayar da gas cikin injin waje ya kulle kafin a kwance bututu. In yaran mota suka kwance shi haka kawai, gas ɗin ya tafi, sai ka sake saye a sabon gida.

In sola ce

Sola ta fi esi nauyin magana, domin rufi za a hau, kuma kuɗin da ke ciki ya fi yawa. Faifan sola mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 28. Guda huɗu sun haura kilo 110, ban da ƙarafan da za su zauna a kai, kuma za su ci fili kamar murabba'in mita 10. Nauyin ba shi ne babbar matsala ba in katako na da lafiya. Matsalar ita ce iska, wadda ke shiga ƙarƙashin faifan ta nemi ɗaga shi, da kuma yoyo. Saboda haka kafin ka je wa mai gida, mai haɗawa ya leƙa cikin silin ya ga katakon, ko gara ta ci, ko ya ruɓe. A jikin katako ake ɗaurewa, ba a jikin kwano kaɗai ba. Kuma a kan tudun kwano ake hudawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kowane noti da wosharsa ta roba. A garuruwan bakin teku kamar Akra da Lome da Kwatano, iskar gishiri na cin baƙin ƙarfe da sauri, a sa na alminiyam ko wanda aka yi wa rufin hana tsatsa.

Yoyo shi ne abin da za a ɗora maka, ko naka ne ko ba naka ba. Don haka kafin kowa ya hau, ku zaga da mai gida ko wakilinsa, ku ɗauki hoton silin na kowane ɗakin da ke ƙarƙashin wurin, da hoton kwanon ta sama. Tsohon tabo a nuna shi a hoto. Ku yarda cewa duk sabon tabon da ya fito daidai ƙarƙashin ƙarafan sola gyaransa naka ne, wanda ya fito wani wuri na mai gida ne. Ruwan Akra mai ƙarfi yakan zo ne daga Afrilu zuwa Yuli, to ka riƙe wani abu daga ladan mai haɗawa har a yi ruwa babba guda ɗaya ka ga yadda rufin ya yi. In rufin dakin ne na kankare, ko akwai fili a tsakar gida, ana iya kafa faifan a kan ƙafafun ƙarfe a danne da bulo masu nauyi, ba huda ko ɗaya. Mai gida da ya ƙi na farko sau da yawa yakan yarda da wannan.

Ta wajen waya kuma, inbata da batir layin ɗakunanka kaɗai za su ciyar, ta hanyar makunnin canja layi da ke raba wutar kamfani da ta sola. In aka haɗa ba wannan rabuwar, wutarka na iya komawa cikin wayar gida lokacin da kowa ke zaton an ɗauke wuta, mai gyara ya kama waya ya halaka. Wannan ba wurin rage kuɗi ba ne. Kuma kada mai sayarwa ya ruɗe ka: faifai huɗu a rana mai kyau za su ba ka kamar yunit 7 zuwa 8, amma in batirinka mai ɗaukar yunit 5 ne, ba zai riƙe esin da ke cin yunit 6 har asuba ba. Fanka, fitila, talabijin, firji da cajin waya, waɗannan zai ɗauka lafiya.

To wa zai biya, me zai zauna? Hanya uku ce. Ta farko, komai naka ne, ka tafi da abinka, ka toshe ramukan kwano. Ta biyu, ka tafi da faifai da inbata da batir, ka bar ƙarafan rufi da wayoyi da sandar da aka kafa a ƙasa. Wannan ta fi wa rufin lafiya, domin notin da ke zaune da wosharsa ba ya yoyo, ramin da aka zare noti aka liƙe shi ne ke yoyo bayan damina biyu. Ta uku, mai gida ya saye in za ka tashi. In ita kuka zaɓa, kada ku bar farashi sai ranar. Ku yi lissafin tun yau. A ce duka aikin ya ci sidi 36,000, kun yarda a raba shi a kan wata 60, kowane wata darajar na raguwa da 600. In ka tashi bayan wata 24, saura wata 36, wato sidi 21,600. Mai gida na da zaɓin ya biya wannan cikin kwanakin da kuka sa, in bai biya ba ka kwance kayanka ba tare da an tare ka ba. Wata 60 ba doka ba ce, abin da kuka daidaita ne, amma a samu lamba a takarda.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, mai gida ya ce ya yarda, amma a ja masa layi. Ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ke sa a yarda da sauri. Sai dai a faɗi iyakarsa: fitilar tsakar gida da ta ƙofa, ko fanka ɗaya. In ka bar shi a buɗe, wata rana za ka tarar an jona firiza da dutsen guga, batirinka ya mutu kafin lokacinsa. Na biyu, wa'adi ya cika a ce ɗaki ya ƙara daraja, haya ta tashi, alhali da kuɗinka ya ƙara darajar. Ka nemi a rubuta cewa kayan da ka sa ba za su zama dalilin ƙarin haya ba. Kuma in abin da ya rage maka bai kai shekara ba, ka fara daidaita sabunta haya kafin ka sayi ko noti ɗaya.

Takardar

Shafi ɗaya ya isa. A sa sunan mai gida da naka, da adireshin gida, da kwanan wata. A jera kayan da za a sa, har da lambar da ke jikin inji da inbata da batir. A faɗi inda za a huda. A faɗi wanda zai biya aiki da wanda zai biya wuta. A jera abin da zai tafi, da abin da zai zauna, da abin da za a gyara. A sa abin da zai faru in mai gida ne ya ba ka notis kafin wa'adi: a nan daidai ne ya ɗauki kuɗin kwancewa, ko ya biya ka na abin da zai zauna. Sai jimla ɗaya da mutane ke jin nauyin faɗa, amma ita ce ta fi amfani: cewa yarjejeniyar ta hau kan magada da duk wanda ya sayi gidan. Dattijon da kuka yi magana da shi mutumin kirki ne, amma rai na hannun Allah, kuma 'ya'yansa ba su san abin da kuka ce a zaure ba. Shaidu biyu, ɗaya nasa ɗaya naka, kowa ya riƙe kwafi. Rasidin sayen kaya ya kasance da sunanka, ka ɗauki hotonsa ka aika wa uwargida ko wani ɗan'uwa, don takarda na ɓata.

In an samu saɓani duk da haka, a fara da manyan unguwa ko sarkin zango. In abin ya gagara, a Gana akwai ofishin gwamnati mai sasanta mai gida da ɗan haya, wanda ake kira Ren Kwantirol, yana aiki ƙarƙashin dokar haya ta 1963. Abin da za su fara tambayarka shi ne takardar haya da rasidi. Wanda ya je da takarda da hoto, maganarsa gajeriya ce.

Ga 'yan'uwa masu shago a Nijar, Binin, Togo, Kamaru, Cadi da sauran ƙasashen da ke bin dokar kasuwanci ta OHADA, akwai abin da ya kamata ku sani. Dokar da aka sabunta a Lome a 2010, a sashe na 131, ta ba ɗan hayar wurin sana'a da ba za a sabunta masa haya ba damar neman a biya shi gine-gine da gyare-gyaren da ya yi a wurin, amma da sharaɗin ya yi su ne da izinin mai wurin. In ba su daidaita ba, yana iya zuwa kotu. Ka ga duk ƙarfin maganar na kan izinin ne, izini kuwa da ba a rubuta ba wuyar tabbatarwa gare shi. Wannan na shago ne da ofis da sito, bai shafi ɗakin kwana ba.

Saura abu ɗaya: in mai gida ya ce a'a, a'a ɗin ce. Kada ka jira ya yi tafiya ka kira mai huda. Ka tambaye shi wanne ne daga cikin huɗun nan ya dame shi, ka ba shi mako biyu, ka koma da amsar wannan ɗin kaɗai. In bango ne matsalarsa, akwai ƙaramin esi na taga, in tagarka za ta ɗauka. In rufi ne, faifai ɗaya ko biyu da ake jinginawa a tsakar gida da rana a shigar da yamma, da ƙaramin batir, za su riƙe fanka da fitila, kuma ba su taɓa ginin kowa ba. In kuma haya ta zo ƙarewa, ka sa maganar esi da sola cikin cinikin sabon gida tun kafin ka miƙa adibas, domin a lokacin ne kuɗi ke hannunka kuma ake sauraronka da kunne biyu.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya haɗa mu da masu gida na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.